Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu: Tarkon da Ke Tsakanin Turancin Birtaniya da na Amurka

A littattafan koyon Turanci akwai wani jeri da kusan kowane ɗalibi ya taɓa cin karo da shi. A gefe guda an rubuta abin da mutumin Birtaniya ke cewa, a ɗaya gefen abin da Ba'amurke ke cewa: "lorry" da "truck" ga babbar motar ɗaukar kaya, "flat" da "apartment" ga sashen gida da ake haya, "lift" da "elevator" ga na'urar hawa bene. Mai shirin tafiya yakan zauna ya haddace su, yana ganin da zarar ya iya su ya gama. Gaskiyar magana, waɗannan ba su ne ke jefa matafiyi cikin wahala ba. In ka ce "truck" a Landan kowa ya san abin da kake nufi, domin finafinan Amurka sun daɗe da shiga kowane gida. In ka ce "lorry" a Chicago, iyakar abin da zai faru shi ne mai sauraro ya ɗaga gira ya ce ka maimaita, kai kuma ka yi masa bayani, magana ta ƙare. Kalmar da mutum bai sani ba tana sa shi ya tsaya ya yi tambaya, kuma mai tambaya ba ya ɓata.

Waɗanda ke da haɗari su ne kalmomin da suke nan a ƙasashen biyu, rubutu ɗaya, furuci kusan ɗaya, amma kowace ƙasa da abin da take nufi da su. A nan babu wanda zai ɗaga gira. Kai ka faɗi, shi ya ji, kowa ya gyaɗa kai yana ganin an fahimci juna, sai daga baya abin ya fito fili. Mu ma muna da irin wannan a gida: Basakkwace ya ce yaro yana "kwana", nufinsa barci yake yi, Bakano kuwa in ya ji kwana sai hankalinsa ya tafi ga wucewar dare. Irin waɗannan kalmomi ne suka cancanci matafiyi ya ba su lokacinsa, musamman waɗanda suka shafi masauki, hanya, abinci da magani.

Kafin nan, ya kamata mai karatu ya san inda shi kansa yake tsaye. Bahaushen Najeriya ko na Gana, ko bai taɓa zama a aji ba, Turancin Birtaniya ne a bakinsa. Lori, fetur, tocila, biskit, kemis, singileti, but ɗin mota da bonet ɗinta, duk daga Ingilishin Turawan mulkin mallaka muka aro su. Saboda haka wanda ya sauka a Heathrow rabin aikin an riga an yi masa. Wanda ya sauka a New York ko Houston shi ne zai tarar but ya koma "trunk", bonet ya koma "hood", tocila ta koma "flashlight". Ba wai Amurkawa sun ɓata harshen ba ne, kamar yadda wasu malamanmu na dā suke faɗi. Amurka ta ayyana 'yancin kanta a 1776, jirgin ƙasa da mota da na'urar hawa bene kuwa duk bayan nan suka zo, lokacin da teku ta riga ta raba mutanen biyu, sai kowa ya raɗa wa sabon abu sunan da ya ga dama. Shi ya sa bambancin ya fi yawa a harkar sufuri da gine-gine, wato daidai inda baƙo ke fara sa ƙafa. Ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 shi ya kafa bambancin rubutu irin na "colour" da "color", amma wannan ba ya hana kowa kaiwa inda za shi.

Mu fara da masauki, domin nan ne kuɗi ke fita tun kafin a bar gida. A Birtaniya, ɗakunan da ke daidai da ƙasa ana kiran su "ground floor", sai ka taka matakala sau ɗaya sannan ka isa "first floor". Haka muke ƙirgawa a Hausa: akwai ƙasa, akwai hawa na ɗaya, akwai hawa na biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da Faransanci su ma ƙirgensu ke nan. A Amurka kuwa ƙasan ita ce "first floor", abin da muke kira hawa na ɗaya shi ne "second floor" a wurinsu. Kullum Ba'amurke yana gaba da lamba ɗaya.

A ɗauka wani ɗalibi da ya yi shekaru yana karatu a Amurka zai kai mahaifiyarsa ganin likita a Landan. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya hawa bene. Ya shiga neman gidan haya na mako biyu, ya ga an rubuta "first floor flat, no lift". A lissafin da ya saba da shi wannan ɗakin ƙasa ne, rashin na'urar hawa bai dame shi ba, sai ya biya. Ranar da suka isa, ya buɗe ƙofar titi, sai ga matakala tsaye a gabansa, siririya irin ta tsofaffin gidajen Landan, ga akwatuna, ga tsohuwa a gajiye bayan tafiyar awa shida da wani abu a jirgi. Mai gidan bai yi masa ƙarya ba, ba shi da hujjar neman a mayar masa da kuɗinsa. Abin da zai nema tun farko shi ne "ground floor flat", in kuma yana son tabbaci ya duba ko an rubuta "step-free", wato babu ko taki ɗaya. Ya kuma kula da "lower ground floor" da "garden flat": sau da yawa waɗannan suna ƙasa da titi ne, sauka ake yi zuwa gare su, kuma gwiwar da ba ta son hawa ba ta son sauka. A New York kalmar da za a yi hattara da ita ita ce "walk-up", gini mai hawa da yawa wanda babu na'ura a cikinsa. Tambaya guda ce ke kashe wannan rikici gaba ɗaya, kuma ba ta buƙatar sanin kowane irin Turanci: taki nawa ne daga titi zuwa ƙofar ɗakin?

A cikin na'urar hawan ma akwai abin lura. A Birtaniya maɓallin fita waje shi ne G, wani lokaci 0. A Amurka 1 ne, ko L a otal, kuma za ka ga tauraro a jikin maɓallin da ke kai mutum ƙofar fita. Wanda ya saba da Landan ya danna 2 a Amurka yana zaton hawa biyu zai yi, ɗaya kawai zai hau.

Idan aka fito titi, kalmar farko da ke yaudarar baƙo ita ce "subway". A New York ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1904. A Landan in ka ga allo an rubuta "Subway" da kibiya tana nuna ƙasa, hanya ce ta masu tafiya a ƙafa da aka haƙa ƙarƙashin babban titi domin a tsallaka lafiya. Za ka sauka, ka ratsa, ka fito a ɗaya gefen, babu jirgi babu dalilinsa. Jirgin Landan, wanda ya girmi kowane irinsa a duniya tun da a 1863 ya fara aiki, sunansa "Underground", mutanen gari kuma "Tube" suke cewa, alamarsa jan zobe da shuɗin layi ya ratsa shi. Ko a cikin ƙasa ɗaya ma sunan ba ya tsayawa wuri guda: Glasgow tana kiran nata "Subway", Washington tana cewa "Metro". Saboda haka sunan da garin ke amfani da shi za ka tambaya, kada ka dogara da na ƙasar.

Haka "coach". A Birtaniya doguwar bas ce mai zuwa gari-gari, irin waɗanda ke tashi daga tashar Victoria a Landan. A Amurka in aka ce tikitinka "coach" ne, ana nufin kujerar masu ƙaramin kuɗi a jirgin sama ko na ƙasa. Tikitin zuwa kaɗai "single" ne a Birtaniya, na zuwa da dawowa "return". A Amurka "one-way" da "round trip". In ka ce wa mai sayar da tikiti a Amurka kana son "return", yana iya ɗauka kana da na zuwa, na dawowa kaɗai kake nema. Sai kuma "pavement", wadda ta fi su muni ga mai yara. A Birtaniya ita ce dakalin gefen titi inda mutane ke tafiya. A Amurka ita ce kwaltar da motoci ke bi, dakalin kuwa "sidewalk" ne. Umarni ɗaya, "ku tsaya a kan pavement", a wata ƙasa yana kare yaro, a wata yana tura shi gaban mota.

Amma inda na fi son mai karatu ya natsu shi ne gidan mai, domin a nan Hausarmu ma ta shigo cikin rikicin. A tashoshinmu, in direban tirela ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi. A kicin kuma gas shi ne na tukunyar girki. A Amurka "gas" fetur ne tsantsa, gajarta ce ta "gasoline", gidan mai kuma "gas station". Bahaushen da ya karɓi motar haya a Amurka aka ce masa tana shan "gas", kada ya nufi famfon dizal. Kusan duk ƙananan motocin haya a can fetur suke sha, kuma wanda aka rubuta wa "Regular" da lamba 87 shi ne na yau da kullum. A Birtaniya ba za ka cika ganin kalmar "petrol" a jikin famfon ba, "Unleaded" za ka gani.

Sannan ga launi. A Birtaniya, bisa al'ada, koren hannun famfo fetur ne, baƙi kuma dizal. A yawancin gidajen man Amurka abin a juye yake: kore dizal, baƙi fetur. Kuma a Amurkar ba doka ce ta tsayar da launin ba, wani kamfani yana iya saɓawa. To, a ɗauka wanda ya saba da Amurka ya zo Manchester, aka ba shi motar haya mai shan dizal, abin da ba baƙo ba ne a can. Ya tsaya shan mai, hannunsa ya kai ga kore kamar yadda ya san dizal yake, alhali fetur ya ɗauka. Babu abin da zai tare shi, domin bakin famfon fetur ya fi na dizal siranta, zai shige tankin dizal ba gardama. Kuskuren da ke akasin wannan ya fi wuyar aukuwa, tun da bakin famfon dizal yana da kauri, ba ya shiga tankin fetur. Injin dizal da man kansa yake samun santsi, fetur kuwa yana wanke santsin nan, sai famfon mai na cikin injin ya fara cin kansa. Wanda ya farga yana tsaye a gidan man, kada ya tayar da motar, kada ma ya murɗa makulli, domin murɗawar kaɗai tana iya tura man cikin bututu. Ya gaya wa masu gidan man, a tura motar gefe, ya kira lambar kamfanin hayar a zo a zuƙe tankin. Wanda ya tayar ya yi gaba, zai ji motar tana shaƙewa tana hayaƙi kafin ta mutu, kuma gyaran ya tashi daga ɗan kuɗi zuwa mai yawa, wanda inshorar haya sau da yawa ba ta ɗauka. Maganin abin a buɗe murfin tanki a karanta abin da aka rubuta a cikinsa, sannan a karanta rubutun jikin famfo, a manta da launi.

A Birtaniya lita ake sayarwa kamar a gida. A Amurka galan ne, kuma galan ɗinsu lita 3.8 ne, bai kai na Birtaniya mai lita 4.5 ba. Famfunan Amurka da yawa, in ka sa kati, za su nemi "ZIP code", lambar unguwa mai alƙaluma biyar wadda Birtaniya ke kira "postcode". Katin da aka zo da shi daga waje ba shi da ita, sai famfon ya ƙi. Ba katin ne ya lalace ba. Shiga za ka yi cikin kanti ka faɗi lambar famfonka, ka biya tukuna, sannan ka zuba.

Yanzu abinci. Labarin "chips" sananne ne: a Birtaniya soyayyen dankali ne mai zafi, irin wanda ake ci da kifi, a Amurka kuwa busasshen nan ne na cikin leda mai ƙaras-ƙaras, wanda Birtaniya ke kira "crisps". Wanda ya yi kuskure a nan yunwa kawai zai kwana da ita. Akwai wasu kalmomi uku da suka fi wannan nauyi ga Musulmi, kuma ban cika ganin an sa su a jerin da ake ba matafiya ba.

Ta farko "cider". A Amurka, "apple cider" ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace sosai ba, babu giya a ciki, yara ma suna sha, musamman a lokacin kaka. Mai sa maye sai an ce "hard cider". A Birtaniya kuwa "cider" giya ce kai tsaye, ƙarfinta kamar na sauran giyar kwalba ko ya fi, kuma kwalbarta da hoton tuffa ko wasu 'ya'yan itace masu ban sha'awa, kamar lemon kwalba. Wanda ya saba sha a Amurka ya ɗauka a kantin Landan da zuciya ɗaya, ya sayi abin da bai yi niyya ba. Yadda ake ganewa: a duba jikin kwalbar, in an ga lamba da alamar kashi cikin ɗari tare da "vol" ko "ABV", giya ce. A gefe guda kuma "root beer" na Amurka, duk da sunansa, lemo ne mai zaƙi.

Ta biyu "biscuit". Namu biskit shi ne na Birtaniya, wanda Amurkawa ke kira "cookie" in mai zaƙi ne, "cracker" in mai gishiri ne. "Biscuit" na Amurka wani ɗan burodi ne mai laushi da ake ci da zafinsa, kuma a jihohin kudu abincin safe ne a zuba masa farar miya, a kira shi "biscuits and gravy". Miyar nan da niƙaƙƙen naman alade ake yin ta, wasu masu girkin ma da kitsen alade suke kwaɓa burodin kansa. Baƙon da ya ga sunan a takardar abincin otal yana iya zaton biskit ne da ɗan romo. A Birtaniya kuma kalmar da ke ɓoye alade ita ce "gammon", wadda babu abin da ke cikin sunanta da zai faɗakar da kai.

Ta uku "jelly". A Amurka abin shafa wa burodi ne da aka dafa daga ruwan 'ya'yan itace da sukari. A Birtaniya wannan "jam" ne, "jelly" kuwa wani abin zaƙi ne mai rawa a faranti wanda yara ke so, kuma da sinadarin "gelatine" ake daskarar da shi, wanda galibi daga fatar alade ko ƙashin shanu ake samo shi. In an rubuta "suitable for vegetarians" a jikin kwalin, babu shi a ciki.

In an gama ci, a Birtaniya "bill" za ka nema, a Amurka "check". "Bill" a bakin Ba'amurke takardar kuɗi ce, kamar ta dala ashirin. Kuma "entrée" a takardar abincin Amurka shi ne babban abincin, ba ɗan abin buɗe baki ba, abin da zai ba wanda ya yi karatu da Faransanci mamaki. Na tufafi ba sa buƙatar dogon bayani: "pants" wando ne a Amurka, kamfai a Birtaniya, "vest" singileti ce a Birtaniya, 'yar shara ta saman riga a Amurka. Mai neman bayi ya ce "toilet" a Birtaniya, "restroom" a Amurka, inda suke jin kalmar farko ta yi tsirara da yawa.

Batun magani shi ne wanda ba a wasa da shi. Kemis ɗinmu "chemist" ne a Birtaniya, a Amurka "drugstore", kalmar "pharmacy" kuma tana aiki a duka biyun, don haka ita ce ta fi dacewa a riƙe. Matsalar tana cikin kwalin. Farasitamol da kowa ya sani, a Amurka ba za ka ga sunansa a kanta ba. Suna kiransa "acetaminophen", mutane kuma sun fi saninsa da sunan kamfani, Tylenol. Magani ɗaya ne, ba kama ba ce, shi ne dai.

Ga yadda abin ke faruwa. Matafiyi ya taho da farasitamol ɗinsa daga gida, ƙwaya mai miligiram 500. Sanyin Amurka ya kama shi, ga zazzaɓi ga ciwon jiki. Yana shan biyu-biyu sau huɗu a yini, wato giram 4, wanda shi ne iyakar abin da aka yarda babba mai lafiya ya sha a awa 24. Bai ji sauƙi ba, sai ya shiga kanti ya sayi Tylenol yana ganin wani magani ne dabam, ya haɗa. Da dare kuma ya kurɓi ruwan maganin mura, wanda shi ma yawancin irinsa akwai "acetaminophen" a ciki. Cikin kwana biyu yana iya ninka ƙa'ida ba tare da ya sani ba. Abin tsoron shi ne farasitamol in ya yi yawa hanta yake ci, kuma ba ya nuna kansa da wuri. A ranar farko mutum yana iya jin tashin zuciya kawai, ko ma ya ji garau, sai bayan kwana biyu ko uku ciwo ya taso a gefen dama na ciki, ido ya fara yin ɗorawa. Akwai maganin da ke karya shi a asibiti, amma ya fi aiki in an ba da shi da wuri. Duk wanda ya gane ya haɗa su haka, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama, ya kuma tafi da kwalayen duka. Hanyar kauce wa wannan ita ce a juya kwali a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin "Active ingredients", kada a tsaya ga babban sunan gaba.

Masu asma su ma su sani: abin shaƙar nan da ake kira "salbutamol" a Najeriya da Birtaniya, a Amurka "albuterol" ne. Masu ciwon sukari kuwa lambobi ne za su rikita su. Birtaniya tana auna sukarin jini da mmol/L, Amurka da mg/dL, kuma tsakaninsu ninki 18 ne: 7 a Landan shi ne 126 a Houston. Wanda zai faɗa wa likita awonsa, ya faɗi ma'aunin tare da lambar. Haka zafin jiki: Amurka da ma'aunin Faranhait take aiki, inda 98.6 shi ne lafiya, 100.4 kuma shi ne 38 namu, farkon zazzaɓi. Uwa ta ga 99 a jikin na'ura kada hankalinta ya tashi.

Sashen gaggawa na asibiti "A&E" ne a allunan Birtaniya, a Amurka mutane "ER" suke cewa, allon kuma "Emergency". In aka ce maka a Birtaniya ka je "surgery", ba tiyata za a yi maka ba, ofishin likitan unguwa ake kira haka. Lambar neman agaji 999 ce a Birtaniya, 911 a Amurka. Birtaniya tana da 111 ga ciwon da ke buƙatar shawara amma bai kai a turo motar asibiti ba.

Saura guda, wadda ba kalma ba ce amma ta fi kalmomi da yawa jawo asara: kwanan wata. Mu da Birtaniya rana muke fara rubutawa, sannan wata. Amurka wata take farawa da shi, shi ya sa harin 11 ga Satumba na 2001 suke kiransa 9/11. In asibiti a Amurka ya aiko maka da takarda cewa ganin likitanka 05/06 ne, 6 ga Mayu ake nufi. Kai kuma ka karanta 5 ga Yuni, ka sayi tikiti, ka iso bayan wata guda da wucewar ranar. In ɗaya daga cikin lambobin ta haura 12 babu ruɗani, tun da babu wata na goma sha uku. Ruɗanin yana cikin kwanaki goma sha biyun farko na kowane wata. Wurin cike ranar haihuwa a fom ma haka ne: a duba ko an rubuta MM/DD/YYYY ko DD/MM/YYYY a ƙarƙashin akwatin, domin ranar haihuwar da ta saɓa da ta fasfo tana iya tsayar da mutum a filin jirgi. Mutumin Birtaniya kuma in ya ce maka ku haɗu "half seven", bakwai da rabi yake nufi.

Duk takardar da ta zo maka da kwanan wata cikin lambobi zalla, ko ta otal ce, ko ta asibiti, ko ta makaranta, mayar da amsa ka rubuta sunan watan da haruffa, ka nemi su tabbatar maka kafin ka biya kuɗin jirgi. Wanda kuma zai yi wa iyayensa rakiya ko zai tura su su kaɗai, ya rubuta musu sunayen magungunansu iri biyun a takarda, da lambar agajin ƙasar da za su, ya sa musu a cikin fasfo.